Banki layi ya sani, bai san mai waya ba

A kusan kowace kasuwar ƙauye akwai rumfar mai caji, wayoyi jere a kan tebur, kowace da 'yar takarda manne a bayanta. Mai kayan miya za ta ajiye tata tun hantsi, sai la'asar ta dawo. Sim ɗin da aka haɗa da asusunta yana ciki, babu makulli, lambar sirrinta kuma ta sha faɗa wa mai POS da babbar murya don ya tura mata kuɗi. In an yi mata magana, amsar ɗaya ce: "Ai ƙaramar waya ce, ko data ba ta hawa." Wannan amsa ta jawo wa mutane da yawa asara, domin USSD babu ruwansa da data.

Kowace wayar GSM, ko tsohuwar Nokiya mai tocila, tana da wata siririyar hanya da take magana da turken sabis. Ta nan take sanar da kamfani inda take, ta nan kuma ake shirya kira kafin wayar wanda aka kira ta yi ƙara. A kan wannan hanya USSD yake tafiya. Mutum ya danna `*310#` don duba kuɗin kira, sai wayar ta ga tauraro a farko da `#` a ƙarshe, ta gane umarni ne, ba lambar mutum ba. Turke ya miƙa shi ga cibiyar kamfanin, kwamfuta ta duba, amsa ta dawo cikin daƙiƙu kaɗan. In lambar banki ce, kamar `*737#` ta GTBank ko `*894#` ta First Bank, kamfanin layi ne zai miƙa saƙon ga kwamfutar bankin. Wayar ba ta taɓa intanet ba, sabis kawai take bukata.

Hanyar ƙarama ce, shi ya sa saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 182, babu hoto, sai rubutu da zaɓin 1, 2, 3. Kuma ba kamar tes ba, wanda ake ajiyewa har waya ta kunnu, wannan zance ne kai tsaye: in aka yi jinkirin amsawa, sai ya katse.

To, da me banki yake gane mai kuɗi? Da lambar layin da saƙon ya fito, sai lambar sirri. Bai ga fuska ba, bai ji murya ba, bai damu da wace waya aka sa sim ɗin ba. Wanda ya zare sim ɗin mai kayan miya ya sa a tasa wayar, a wurin banki ita ce. Zai iya danna `*565*0#` ya ga lambarta ta BVN. Tes-tes ɗin alat da ba ta taɓa gogewa ba za su nuna masa bankinta da abin da ya rage. Lambar sirri kuwa, in bai ji ta a wurin mai POS ba, zai gwada shekarar haihuwa ko 1234, kuma abin takaici sau da yawa sai ta buɗe. Kafin la'asar ya kwashe kuɗin, ya goge alat, ya mayar da sim. Matakan da ya bi ba sa zama a akwatin saƙo, don haka sai ranar sarin kaya za ta ji an ce asusu babu komai.

Abin da ke ba da haushi shi ne maganin kyauta ne, kuma yana cikin wayar. Kowane sim yana da nasa makulli, a saitin tsaro, inda aka rubuta `SIM lock` ko `PIN code request`. In an kunna, duk lokacin da aka kashe waya ko aka sa sim a wata, sai ya nemi lamba kafin ya kama sabis. A canza lambar da ya zo da ita daga kamfani, don ɓarayi sun haddace ta. Kada a yi ta cinke: kuskure uku sim ya kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle shi, wanda yawancin mutane tun a shagon rajista suke yar da shi. Wayar da za a bari a wurin caji, a kashe ta tukuna, ko a zare sim a tafi da shi, domin makullin ba ya tare wanda ya samu waya a kunne.

In kuma waya ta ɓata, ba lokacin zaman jimami ba ne. Bankuna da dama suna da lambar rufe asusu da ake dannawa daga wayar kowa, kamar `*901*911#` ta Access Bank. Kowa ya tambayi bankinsa tasa tun yanzu, ya rubuta a takarda ya ajiye a gida, sannan in abin ya faru ya garzaya ofishin kamfanin layi a toshe tsohon sim a ba shi sabo.