Yoyon Baƙin Mai: Inda Yake Ɗiga Daban, Inda Yake Fita Daban

Mutum ya tashi da safe zai fita da mota, sai ya ga ɗigon baƙin mai a ƙasa. Ya nufi gareji, bakanike ya leƙa ƙarƙashi, ya ga kaskon mai ya jiƙe sharkaf, nan take ya ce fakin ɗin ƙasa ne ya mutu. A sauya, a biya, bayan kwana biyu ɗigon ya dawo. Yawancin asarar da ake yi a kan yoyon mai daga nan take farawa, domin an yanke hukunci daga inda mai ya ɗiga, alhali ba a gano inda ya fito ba.

Abubuwa iri biyu ne suke tsare mai a cikin inji. Akwai fakin, wato gasket, wanda ake shimfiɗawa tsakanin ƙarafa biyu da ba sa motsi, kamar murfin saman inji da kaskon mai na ƙasa. Akwai kuma sil, zoben roba da ke rungume da ƙarfen da yake juyawa, kamar karanshaf, wanda yake da sil ɗaya a gaba bayan fuli, ɗaya kuma a baya tsakanin inji da giyabos. Zafi da tsufa suna busar da roba har ta yi tauri, ta daina bin jikin ƙarfe. Ƙurar da muke fama da ita kuwa, idan ta haɗu da mai a bakin sil, tana cin ƙarfen a hankali har ta yi masa kwarmi.

Wanda ya taɓa kwana a ɗakin da ke yoyo ya san ruwa yakan shiga ta ɓular kwano, ya bi katako, ya sauko a wani lungu daban. Haka mai yake. Nauyinsa yana jan sa ƙasa, iskar tafiya da ta fanka tana kora shi baya. Shi ya sa kaskon mai da mahaɗar inji da giyabos suke jiƙewa ko da daga can sama yoyon ya taso. Ƙa'idar ita ce a nemi wuri mafi tudu kuma mafi gaba da ke da danshin mai, daga nan ake fara tuhuma.

Kafin a kunce ko noti ɗaya, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kansa. Da safe za a ga daidai inda ɗigon yake da kuma launinsa. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa, man giyar otomatik galibi ja ne, man birki kuwa fari-fari ne mai santsi kuma yana cin fenti. Daga nan a wanke injin bayan ya huce, a kiyaye kayan wuta daga ruwa, a bar shi ya bushe sarai. A barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, a tayar da mota ta yi minti goma sha biyar, a duba da tocila. Sabon mai zai zana layi a cikin hodar, sai a bi layin sama har inda ya tsaya. Idan ba a ga komai ba, a yi ɗan zagaye na kilomita goma a sake dubawa, don wani yoyon sai inji ya yi zafi yake bayyana.

Mu ɗauki Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1ZZ-FE, wadda ta cika titunanmu. Sau da yawa za a ga mai ya jiƙe gefen fuli, ya gangara kan kasko, ya ɓata ƙarfen da ke juya tayar dama. Wanda ya leƙa daga ƙasa zai rantse sil ɗin gaba ne ko fakin kasko. Amma idan aka wanke aka bi layin, sai a tarar bayan fuli a bushe yake, layin ya haura ta bayan inji zuwa wani ɗan ƙarfe da noti biyu suka riƙe. Wannan shi ne tenshona, mai ɗaure sarƙar taimin, kuma ɗan zoben robar da ke jikinsa sananne ne wajen bushewa a wannan inji. Sauya zoben bai kai aikin awa ɗaya ba. Sai dai dole a tura harshen tenshonan ciki a maƙale shi da ƙugiyarsa kafin a mayar, sannan a juya inji da hannu har ya saki, in ba haka ba sarƙar za ta zauna sako-sako. Kafin a tafi, a kai hannu sama da tenshonan a shafa bakin murfin inji. Idan can ma da danshi, to fakin murfin ne a gaba, domin shi ne mafi tudu.

Idan kuwa an ga mai yana tsattsafowa ta ko'ina lokaci ɗaya, kada a yi saurin sayen sil. Kowane inji yana da hanyar numfashi, ɗan bawul da tiyo da ke fitar da iskar da ta taru a cikinsa. In ta toshe, iskar za ta matsa wa mai ya fita ta duk inda ya samu rauni, sabon sil ma ba zai tsira ba. Zuba mai fiye da alamar sandar awo shi ma yana haddasa haka.

To, da wanne za a fara idan kuɗi ba su isa a yi duka ba? Idan man birki ne ko fetur, motar ba ta hawa titi sai an gyara. Bayansu sai yoyon da famfon mai ke turawa da ƙarfi, kamar na bakin filta ko na suwic ɗin fitilar mai, domin ƙaramar mota lita huɗu ko kusa da haka take ɗauka, irin wannan yoyo kuwa yana iya kwashe su cikin 'yan mintoci. Daga nan sai wanda ke zuba kan salansa, saboda hayaƙi da haɗarin gobara, da wanda ke jiƙa bel ɗin taimin a motoci irin su Golf 3, domin mai yana lalata robar bel. Sauran a bi su daga sama zuwa ƙasa, a gyara ɗaya, a wanke, a sake dubawa. Sil ɗin baya yana buƙatar sauke giyabos, don haka idan gumi kawai yake yi, bai sa kulocin motar zamewa ba, ana iya jira a haɗa shi da ranar sauya kuloci. Mai motar ya riƙa duba sandar awo a fili mai daidai, ya lura da abin da ke raguwa a kowane kilomita 1,000.

Wajen gyaran kuma, kada a lafta gam. Rararsa tana matsewa ciki, ta gutsure, ta toshe rariyar da famfo ke tsotso mai. Ƙusoshin murfin inji ƙanana ne, ɗauri kaɗan suke so, wajen Nm 10, a kuma ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa gefe. Wanda ya danne su da ƙarfi zai murƙushe fakin ko ya karya ƙusa.

Mai mota, kafin ka amince a sauke maka giyabos ko a kunce kasko, ka ce: "Malam, a wanke mu ga inda yake fitowa tukuna." Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ƙi ba. Idan kuma jar fitilar mai ta kama kana cikin tafiya, ka ratse gefe ka kashe inji nan take, kada ka ce bari ka ƙarasa gida.