Juyar Da Kwanan Watan Hijira Zuwa Na Turawa: Inda Kwana Ɗaya Ko Biyu Ke Sulluɓewa

A shekarar 2022 mutanen Yangoji, garin nan da ke kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja a cikin Ƙaramar Hukumar Kwali, sun yi Sallar Azumi ranar Litinin 2 ga watan Mayu, kamar sauran jama'ar Nijeriya, bisa sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Amma a Maraɗi da sauran garuruwan Jamhuriyar Nijar tun ranar Lahadi 1 ga Mayu aka hau idi. A ƙasashen Indiya da Pakistan kuwa sai ranar Talata 3 ga wata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ranaku uku sunansa 1 ga Shawwal 1443 a wurin mutanen da suka yi Salla a cikinsa.

To, a ƙaddara an haifi yaro a Yangoji ranar wannan Salla, mahaifinsa ya rubuta a bayan wani littafi cewa an haife shi 1 ga Shawwal 1443. Bayan shekaru aka zo neman takardar haihuwa ko katin shaidar ɗan ƙasa, inda ba a karɓar sai kwanan watan Turawa. In aka duba jadawalin lissafi irin wanda malaman tarihi ke aiki da shi, zai ce Talata 3 ga Mayu. In aka duba kalandar Ummul Ƙura ta ƙasar Saudiyya, wadda wayoyin hannu da yawa ke bi, za ta ce Litinin 2 ga Mayu. Da a Maraɗi aka haifi yaron, da duka biyun sun kuskure, ɗaya da kwana ɗaya, ɗaya da kwana biyu.

Tushen wannan saɓani yana ga tafiyar watan kansa. Daga haihuwar wata zuwa haihuwar wani, a matsakaici, kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Tun da ba a raba yini biyu, tilas wani watan ya yi kwana 29, wani ya cika 30, kuma abin da ke yanke hukunci a shari'a shi ne gani da ido. Gani kuwa ya danganta ga wurin da mai dubawa yake tsaye, da hazo, da hadari, da kuma shaidar da hukuma ta karɓa. Babu wani littafi da ya tattara ranar da aka ga kowane wata a Kano ko Katsina ko Zazzau shekara ɗari biyu da suka wuce, balle a ce za a buɗe shi a duba.

Saboda haka masana taurari na da suka shirya wata kalanda ta lissafi zalla. A cikinta Almuharram kullum kwana 30 ne, Safar 29, Rabi'ul Awwal 30, haka ake ta bi ɗaya bayan ɗaya har Zulhajji, shekara ta tashi kwana 354. Sai dai mintocin nan 44 ba su ɓata ba, taruwa suke yi, har su kai kwana 11 a cikin shekara 30. Don haka a kowane zagaye na shekara 30 ake zaɓen shekaru 11 a ƙara wa Zulhajjinsu kwana ɗaya, su zama masu kwana 355. Wannan tsari yana da kyau ƙwarai wajen dogon lokaci, domin ba ya barin kuskure ya yi ta hauhawa. Sai bayan shekara fiye da dubu biyu yake kauce wa watan sama da kwana ɗaya. Amma fa a kan wata guda ba shi da alkawari. Watan sama yana iya cika 30 sau biyu ko sau uku a jere, jadawali kuwa bai san wannan ba. Daga nan ne kwana ɗaya ko biyu ke shiga tsakaninsu, su sake haɗuwa a gaba.

Su kansu jadawalan ba bakinsu ɗaya ba. Waɗansu sun fara ƙirga daga Juma'a 16 ga Yuli 622, waɗansu daga Alhamis 15 ga Yuli, watau tun daga tushe akwai kwana ɗaya tsakaninsu. Wanda ya sami amsa biyu daga littattafai biyu kada ya yi saurin cewa ɗayansu ya yi ƙarya.

Maganin abin, wanda malamanmu na da suka riga suka ajiye ba tare da sun yi shela ba, shi ne sunan rana. Ranakun mako ba sa jiran ganin wata. Alhamis Alhamis ce a Sakkwato da Makka da London, kuma jerinsu bai taɓa yankewa ba. Tun da kuskuren jadawali ba ya wuce kwana biyu gaba ko baya bisa al'ada, mako kuwa kwana bakwai ne, ba za a sami Litinin biyu a cikin wannan ɗan tsakani ba. Da mahaifin yaron nan na Yangoji ya rubuta Litinin 1 ga Shawwal, da magana ta ƙare: jadawali ya ce Talata 3 ga Mayu, sai a nemi Litinin mafi kusa da ita, a same ta 2 ga Mayu. Sunan rana ne ke gyara lissafi, ba lissafi ke gyara sunan rana ba.

Tarihin Jihadi ya ba da misali mai gamsarwa. An ruwaito cewa yaƙin Tafkin Kwatto, inda jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka fara karawa ta sosai da rundunar Sarkin Gobir Yunfa, ya auku ranar Alhamis 12 ga Rabi'ul Awwal 1219. In aka sa wannan kwanan wata a jadawali, sai ya faɗa kan 21 ga Yuni 1804, kuma 21 ga Yuni ta wannan shekara Alhamis ce. Shaidu biyu sun haɗu ke nan, shi ya sa malaman tarihi ke rubuta wannan rana ba tare da ɗar-ɗar ba. Haka kuma haihuwar Shehu a Maratta, ranar Lahadi ta ƙarshen watan Safar 1168: jadawali ya kai ta 15 ga Disamba 1754, ita ma Lahadi ce.

Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu ba ta zo da sauƙi haka ba. Waɗansu littattafai sun ce 10 ga Zulƙida 1218, waɗansu sun ce 12. A jadawali 10 ga wata Talata ce 21 ga Fabrairu 1804, 12 ga wata kuwa Alhamis ce 23 ga Fabrairu. Mai rubutu da ya ɗauko kwanan watan Hijira daga wannan littafi, ya ɗauko na Turawa daga wancan, ya manna su wuri ɗaya, zai haifar da wata rana da lissafi bai yarda da ita ba, kuma na bayansa su yi ta kwafa.

Akwai kuma maganar dare. A lissafin Musulunci yini yana farawa ne da faɗuwar rana, dare ke gaba, shi ya sa in Bahaushe ya ce daren Juma'a, daren da ya biyo bayan yinin Alhamis yake nufi. A lissafin Turawa kuwa sai ƙarfe 12 na dare kwanan wata ke sauyawa. Jaririn da aka haifa bayan sallar lisha a daren Salla ya riga ya shiga 1 ga Shawwal, alhali a kalandar asibiti har yanzu jiya ce. Duk abin da takarda ta ce ya faru da dare, tilas a tambaya ko kafin tsakar dare ne ko bayanta, in ba haka ba wani kwanan ya sake sulluɓewa.

Babban kuskure, wanda ya fi na kwanaki nesa ba kusa ba, yana zuwa ne in shekara kaɗai aka sani. Dabarar da aka saba ita ce a raba shekarar Hijira da 33, a ɗebe abin da aka samu daga cikinta, sa'an nan a ƙara 622. Dalili shi ne shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11, ta yadda shekara 33 ta wata ke zuwa daidai da kusan shekara 32 ta rana. A gwada da 1232, shekarar rasuwar Shehu: in aka raba da 33 za a sami 37, a ɗebe ya rage 1195, a ƙara 622 ya zama 1817. Daidai ne, domin Shehu ya rasu 3 ga Jimada Lahir 1232, watau 20 ga Afrilu 1817 a jadawali. Amma a gwada da 1168: a ɗebe 35, a ƙara 622, sai ga 1755, alhali an haife shi a 1754. Dabarar ba ta yi laifi ba. Shekarar 1168 ta kama ne a ranar 18 ga Oktoba 1754, mafi yawanta yana cikin 1755, sai dai Safar wata na biyu ne, ya faɗo a ɓangaren 1754. Wannan ne ya sa marubuci mai kiyayewa, in bai san wata ba, yake rubuta 1754/55, ba ya zaɓen guda.

Juyawa ta ɗaya ɓangaren ma tana da nata tarko. Shekarar 1976, wadda a cikinta gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya da ya haɗa har da ƙasar Yangoji, ta taɓa shekarun Hijira uku. Kwana biyu na farkon Janairu na 1395 ne, 1396 ta shiga 3 ga Janairu ta ƙare a cikin Disamba, 1397 ta kama tun kafin shekarar ta fita. Haka ya sake faruwa a 2008.

Wannan tazara tana shafar ƙirgar shekarun mutum. Daga ƙarshen Safar 1168 zuwa farkon Jimada Lahir 1232 shekara 64 ne da wata 3, amma daga Disamba 1754 zuwa Afrilu 1817 shekara 62 ne da wata 4. Dattijon da ya ƙirga Azumi 66 tun haihuwarsa, a takardar gwamnati shekararsa 64 ce, kuma a wajen ma'aikaci wannan bambanci na iya taɓa ranar ritaya da lissafin fansho.

Saura gargaɗi ɗaya ga masu binciken tarihin da ya fi na Jihadi tsufa. Kalandar Turawa da ake bi yanzu ta fara aiki ne a 1582, lokacin da Fafaroma Girigori na 13 ya sa aka tsallake kwana 10, aka tashi daga 4 ga Oktoba aka wayi gari 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, ita kuma ta tsallake kwana 11. Duk kwanan watan da ya gabaci wannan gyara, kamar na zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, malaman tarihi da tsohuwar kalandar suke rubuta shi, amma waɗansu na'urori da sabuwar suke lissafawa, kuma a wannan ƙarni tazarar da ke tsakanin biyun kwana 9 ce. Ranar farko ta kalandar Hijira ma, 16 ga Yuli 622, a tsohuwar kalandar take. A sabuwar 19 ga Yuli ce.