Dafin Da Ke Cikin Rogo Da Yadda Ake Fitar Da Shi

A shekarar 1981, lokacin da fari ya afka wa lardin Nampula a arewacin ƙasar Mozambik, mutane fiye da 1,000, galibinsu mata da ƙananan yara, suka wayi gari ƙafafunsu sun sandare. Da likitoci suka bi diddigi, sai suka tarar ba annoba ba ce. Rogo ne mai ɗaci, wanda shi kaɗai ya tsira daga farin, yunwa kuma ta sa jama'a suka riƙa cinsa ba tare da sun gama sarrafa shi ba. Wannan cuta ita ake kira konzo, kuma wanda ta kama ba ya komawa yadda yake.

Abin mamaki shi ne, saiwar rogo da ba a taɓa ba kusan ba ta ɗauke da dafin kansa. Abin da ke cikinta wani sinadari ne mai suna linamarin, tare da wani abokin aikinsa, linamares, wanda ke ajiye a wani ɓangare dabam na ƙwayoyin saiwar. Muddin suna rabe, babu abin da zai faru. Amma da zarar an gurza saiwar, ko an daka, ko an tauna, sai su haɗu, su haifar da dafin nan da ake kira sayanaid, wanda ke hana jiki amfani da iskar da mutum ya shaƙa. Da wannan makami ne rogo ke kare kansa daga ƙwari da dabbobi. Ɓawo da ganye sun fi tsokar yawan sinadarin, haka kuma rogo mai ɗaci ya ninka mai zaƙi sau da yawa, fari kuwa yana ƙara masa ƙarfi.

Sa'ar da aka yi ita ce, dafin ba ya jure zafi. Da ma'aunin zafi ya kai kamar 26, sai ya zama tururi ya bi iska. Saboda haka duk hikimar sarrafa rogo ita ce a bar sinadaran nan biyu su gama haɗuwarsu a waje, kafin abinci ya shiga ciki.

Aikin masu yin garin kwaki ya isa misali. Suna fere rogo su wanke, sannan su gurza shi ya yi laushi, wanda shi ne ke buɗe wa sinadaran hanyar haɗuwa. Daga nan sai a ɗura shi a buhu, a danne da duwatsu ko da ƙarfen matsa har kwana uku ko fiye. A cikin kwanakin nan linamarin yana warwarewa, ruwan da ke tsiyayewa yana fita da kaso mai yawa na dafin. Shi ya sa ba a barin awaki su sha wannan ruwa. Sai dai akwai wani tarko a nan: tsamin da ƙullun ke yi yana riƙe ragowar dafin a wata siffa da ba ta tashi da sauƙi, sai ta shiga hanji ta saki sayanaid. Suya a babban kasko har garin ya bushe ƙayau ita ce ke korar wannan ragowar. Mai neman riba da ya matse ƙullu na yini guda, ya sauke gari da sauran danshi domin ya yi nauyi, ya tsallake matakai biyu da suka fi muhimmanci.

Shi kuwa alabo, jiƙa ferarren rogo a ruwa kwana uku zuwa biyar har ya yi laushi kafin a shanya shi ne ke tsare shi. Shanya manyan gutsattsari a rana kawai ba ta wadatar ba, domin saiwar takan bushe kafin sinadaran su haɗu. Dafawa ma haka: tafasa tana kashe linamares, ta bar linamarin. Ta isa ga rogo mai zaƙi idan an yanka ƙanana aka zubar da ruwan, amma ba ga mai ɗaci ba. Ƙa'idar hukumomin lafiya da abinci na duniya ita ce kada dafin ya wuce miligiram 10 a kowane kilo na irin wannan gari.

Jikin ɗan Adam yana iya sarrafa ɗan kaɗan ya fitar ta fitsari, amma sai da taimakon abinci mai gina jiki irin su kifi, ƙwai, nama da wake. Wannan ne dalilin da ya sa konzo ke bin gidajen da babu komai sai rogo. Idan kuwa iyali suka fara jiri, ciwon kai, amai da ciwon ciki 'yan sa'o'i bayan sun ci tuwon alabo ko teba, to, a garzaya da su asibiti, a kuma tafi da ragowar garin.