Muryar da ke bayan hoto: yadda ake naɗar bayanin bidiyon addini a ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Da zarar kaka ta kama a kudancin Katsina, masara ta fara shiga kasuwar Dandume da ta Bakori, dawa kuma ta nuna a gonakin Kafur da Danja, sai gajerun bidiyoyi kan zakkar amfanin gona su fara yawo a wayoyi. Akasarinsu matasa ne ke haɗa su. Hoton gona ne, da rubutu a kan allo, da muryar wani da ba a ganin fuskarsa yana bayani. A kan wannan muryar nake son mu tsaya, domin manomin da ke sauraro a bakin masussuka, wayarsa a aljihun gaba, sau da yawa ba ya ma kallon hoton. Abin da kunnensa ya kama, shi ne abin da ya samu.

Kunnen mutanen wannan yanki ba baƙon karatu ba ne. Iyayensu sun yi shekaru suna jin tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna, har zuwa rasuwarsa a 1992, kuma har gobe a kan wannan tsari ake tafsiri: alaramma ya ja baƙi, ya tsaya, malam ya fassara. Larabcin nassi da bakinsa daban, Hausar bayani da bakinta daban. Mai naɗar muryar bidiyo shi kaɗai yake ɗauke da aikin mutum biyun nan, kuma a ganina yawancin ɓarnar da ake ji tana zuwa ne daga rashin raba su.

Mu ɗauki bidiyo na minti uku kan zakkar hatsi. Abin da za a faɗa sananne ne: nisabi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, wadda aka shayar da wahala, kamar noman rani da injin ban ruwa, rabin haka. Sai a kawo aya ta 141 ta Suratul An'am bisa lissafin mus'hafin Hafs, wadda ta yi umarni da bayar da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Kafin a kunna makirufo, a ɗauki biro a bi rubutun kalma bayan kalma, a ware kalmomin Larabcin da ke ciki.

Kaso mafi yawa kalmomi ne da suka daɗe da zama Hausa. Zakka, sadaka, albarka, farilla, alwala, niyya, lada. Waɗannan a faɗe su yadda uwa take faɗa wa ɗanta. Farilla da alwala da alƙali duk daga harafin ladi suka samo lam ɗinsu, tun zamanin da malamanmu suke furta shi haka, kuma ba kuskure ba ne da ke jiran gyara. Wanda ya tsaya a tsakiyar jimlar Hausa ya murɗe harshe don ya mayar da farilla asalinta, sai karin sautin jimlar ya karye, mai sauraro ya bar maganar ya koma sauraren mai magana. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kuma kalmar da ta zauna a cikinsa ta riga ta sami nata karin. In an cire mata shi, baƙuwa ta koma.

Sai kalmomin fiƙihu waɗanda manomi ya taɓa ji amma bai riƙe su da hannu biyu ba, irin su nisabi da ushiri da sa'i. Su ma da bakin Hausa za a faɗe su, sai dai a ɗan dakata kafin kowace, a fito da ita sarai, a bi ta nan take da ma'anarta. Hatsari mafi girma a nan yana kan mudu. Sa'i ɗaya mudu huɗu ne, amma mudun Annabi ake nufi, wanda bai kai mudun kasuwa ko tiya ba. Mai murya da ya ce "mudu huɗu" ya wuce da sauri, ya aika manomi ga ma'aunin da ba shi ba. Dole kalmar "Annabi" ta fi "mudu" nauyi a wannan wurin, a kuma maimaita ta.

Nassi kuwa, aya ko lafazin hadisi, ba shi da sassauci ko kaɗan. Larabci ne tsantsa, da mafitar kowane harafi da tsawon kowane wasali. A ayar da muka ambata, kalmar da ke nufin girbi tana da sadi mai kauri da wasali mai ja a bayansa. In aka sirantar da sadin ya koma sin, aka kuma gajarta jan, abin da zai fito ya yi kusa da kalmar da ta ba mu hassada. Haka ƙaf ɗin Larabci ba ƙ ɗinmu ba ce. Tamu ana tunkuɗo ta ne da iskar da aka matse a maƙogwaro, ta fito da ƙas. Ta Larabci daga can ƙarshen harshe take fitowa, kusa da beli, ba tare da wannan tunkuɗar ba. Akwai kuma fa, wadda a bakin Bahaushe leɓɓa biyu ne ke yin ta, har a Katsinanci takan karkata zuwa hw. A Larabci haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. Wanda ya san bai ƙware a waɗannan ba, ya nemi alaramma ya karanta ayar, shi ya tsaya a bayani. Ba abin kunya ba ne, domin manyan malamai ma haka suke yi.

Wani abu da masu haɗa bidiyo ba su cika lura da shi ba shi ne ruwaya. Wanda ya tashi a makarantar allo da Warshu ya saba, wanda ya tashi a Islamiyya da Hafs. Wannan kalma ta girbi tana cikin wuraren da suka bambanta: Hafs yana karanta harafinta na farko da fataha, Warshu da kisira. Duka karatu ne ingantacce. Amma in rubutun da aka ɗora a allo na Hafs ne, muryar kuma ta Warshu, ɗalibin da ke kallo zai ɗauka an yi kuskure, ya kuma yaɗa haka. A zaɓi ruwaya ɗaya, rubutu da murya su tafi tare.

Tsakanin Hausa da nassi akwai gaɓa, kuma shiru ne ke riƙe ta. Kafin aya a yi shirun daƙiƙa ɗaya, bayan ta a yi na ɗaya da rabi, sannan fassara ta biyo da murya ta yau da kullum, ba tare da an jawo rerawar ƙira'a cikin Hausar ba. Wannan shirun yana cin lokaci, don haka tun a takarda ake lissafa shi. Bayani irin wannan yana zama daidai a kunne idan bai wuce kalma 120 zuwa 130 a minti ba. Minti uku ke nan kalma 360 zuwa 390, amma in aka cire lokacin aya da sallama da salati, abin da ya rage bai fi kalma 300 ba. Wanda ya rubuta 450 ya ce zai matse, salati ne zai fara shan wahala. Kowa ya san yadda ake dunƙule "sallallahu alaihi wa sallam" ta koma gaɓa uku da ba a gane su. Tana buƙatar daƙiƙa biyu cikakku duk lokacin da ta zo. A rage rubutu, kada a rage ta.

Wurin lissafi shi ne inda ya fi cancantar tafiyar hawainiya. "Wanda ya sami buhu arba'in a gonar damina," a tsaya, "zai fitar da buhu huɗu," a tsaya, "in kuwa da inji ya shayar, buhu biyu." Mai sauraro yana auna nasa rumbun a cikin waɗannan tsayawar. In babu su, lamba ta biyu za ta ture ta farko.

Game da launin murya, kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaikwayon mai wa'azi a filin taro. Mai wa'azi yana ɗaga murya ne don ta kai ga na bayan sahu, kuma mutane suna ganin fuskarsa da hannunsa. Muryar bidiyo da mutum ɗaya take magana, daga tazarar kamu ɗaya. Tsawa a nan faɗa take zama, musamman a kan zakka, inda ake ce wa mutum ya ɗebi abin da ya sha rana a kansa ya bayar. Muryar da ta dace ita ce ta malamin zaure yana amsa tambayar maƙwabcinsa. Ita ma amsa-kuwwar da ake zuba wa murya don ta yi kwarjini ba ta da gurbi a bayani. Wutsiyar kowace kalma tana hawa kan ta gabanta, lambobi su cakuɗe.

Yawancin masu sauraron bidiyon addini a nan ba sa son kiɗa a ƙarƙashin murya, saboda haka babu abin da zai rufe aibin ɗaki. Da kaka kuwa gari cike yake da ƙarar injin casa da na niƙa da janareta. Ɗakin ƙasa mai katifa da labule ya fi shagon siminti mai rufin kwano, kuma bayan isha'i ko bayan an fito asuba sun fi tsakar rana. A ajiye makirufo ko waya tazarar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkata ta gefe, domin ƙ da ts da f suna harba iska kai tsaye. A sha ruwa mai ɗumi, don bushewar hunturu tana sa leɓɓa su riƙa ƙas-ƙas. A Audacity a naɗa a `48000 Hz`, ƙololuwar murya ta tsaya tsakanin `-12 dB` da `-6 dB`, a ajiye a WAV kafin a haɗa da hoto.

A wajen tacewa ne aya ta fi shiga hatsari. Noise Reduction idan aka matsa shi da yawa yakan ɗauki ha mai fitowa daga maƙogwaro a matsayin iska ya cinye ta, ita ce kuwa harafin farko na kalmar girbin nan. Mai tacewa da ke bin zanen murya yana yanke duk inda ya ga ta yi tsawo zai iya datse madda, wanda kuma ya ƙara gudun sauti don ya dace da hoto ya taɓa tsawon kowane wasali a lokaci guda. Idan aya ta fi hoto tsawo, hoton za a ja. Idan an yi tuntuɓe a tsakiyarta, a koma inda waƙafi ya halatta a sake karantawa, kada a dinka rabin kalma da rabin kalma.

Gwaji na ƙarshe a waya ake yin sa. A tura bidiyon ta WhatsApp zuwa wata ƙaramar waya, domin matsewar da manhajar ke yi da ƙaramar lasifika sukan dusashe bambancin sin da sadi. Sannan a kunna wa mutum biyu ba tare da sun kalli allo ba: alaramma ya saurari ayar, manomi kuma a tambaye shi buhu nawa zai fitar daga arba'in, da wane mudu ake auna sa'i. Idan ɗayansu ya ce a sake kunnawa, kada a saki bidiyon, a koma ɗaki a sake naɗa.