Yadda yaren kasuwa ke zama harshen uwa

A gonakin rake na tsibiran Hawaii, a ƙarshen ƙarni na 19, an tara leburori daga Sin, Japan, Portugal da wasu ƙasashe. Babu mai jin harshen wani, sai suka riƙa harhaɗa kalmomin Ingilishi don biyan buƙata. Wannan shi ne fijin: kalmomi kaɗan, tsari sako-sako, kuma ba harshen uwar kowa ba.

Da aka haifi yara a cikinsa, sai ya samu ƙa'ida, ya zama kiriyol. Kalmar "wen" kafin aikatau ta zama alamar abin da ya wuce, "stay" kuwa abin da ake cikin yi.

A 1981 Derek Bickerton ya ce yaran ne suka ƙirƙiro wannan nahawu daga baiwar da aka halicci ɗan Adam da ita, shi ya sa kiriyol na wurare masu nisa suke kama da juna. Salikoko Mufwene da Michel DeGraff sun musa, suka ce kiriyol harshe ne kamar kowane, ya gaji tsarinsa daga harsunan da suka cakuɗa. Binciken Sarah Roberts kuma ya nuna yaran farko na Hawaii suna jin harsunan iyayensu. A ganina, wannan ya raunana hujjar Bickerton ƙwarai.