Hutun Ƙaramar Salla: wa zai tafi gida, wa zai tsaya gardi?

Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30. Saboda haka ba a sanin ranar Ƙaramar Salla sai daren 29 ga Ramadan, bayan hukuma ta ba da sanarwar ganin wata a rediyo. Babbar Salla ba ta da wannan wahala, domin tana faɗawa ran 10 ga Zulhajji, ana kuwa saninta tun tsayuwar watan.

Ga ma'aikacin ofis abin da sauƙi: ranar salla ranar hutu ce bisa doka, sai a rufe ƙofa. Amma akwai wuraren da ba su rufuwa. Tanderun siminti irin na Malbaza yana cin wuta har digiri 1450, ba a kashe shi don kwana ɗaya. Haka asibitin Galmi, haka ƴan duwan na iyakar Birnin Ƙonni.

A irin waɗannan wurare, rigima takan taso ne idan shugaba ya rubuta jerin masu gardi bisa kwanan wata. A misali, ma'aikata 12 ne, aikin yana bukatar 4. Aka sa huɗu ranar Talata, waɗansu huɗu ranar Laraba. Aka ga wata daren Litinin: ƴan Talata sun rasa idi, ƴan Laraba sun ci riba, ba kuwa da wata hujja ba sai sa'a.

Maganinsa shi ne a ɗaura gardin a kan sallar kanta. Tun tsakiyar azumi a rubuta: huɗun nan su ne masu gardin ranar salla, ko yaushe ta faɗo. A liƙa jeri biyu a bango, ɗaya in wata ya yi 29, ɗaya in ya cika 30, kowa ya sa hannu. Wanda ya tsaya a Ƙaramar Salla ba a sa shi a Babbar Salla, a kuma ajiye littafi don baɗi. Mai iyali a Illela ko Badagishiri a ba shi yammacin 29 ga wata, domin sanarwa takan zo da dare, lokacin da mota ta yi wuya. Inda akwai Kirista, musanya da Kirsimeti tana rage nauyi, muddin da yardarsu.

Saura wata matsala ta bakin iyaka. A 2024 Nijar ta yi salla ran Talata 9 ga Afrilu, Najeriya kuwa ran Laraba 10. Ma'aikacin da danginsa ke bin sanarwar Sakkwato, sallarsu tana iya faɗawa ranar da ba shi da hutun doka. Abin da ya dace, ya nemi kwana ɗaya tun da wuri, a cire shi daga hutunsa na shekara, wanda dokar aiki ta 2012 ta ƙayyade kwana biyu da rabi a kowane watan aiki.