Nazarin DuPont: yadda ake gano inda ribar kamfani take fitowa

Ribar jari, wadda ake rubutawa ROE a rahotannin kamfanoni, ma'auni ne da ke nuna nawa kamfani ya samar wa masu shi a shekara daga kuɗin da suka zuba. Ana samun ta ne idan aka raba tsantsar riba, wato abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin gudanarwa da kuɗin ruwa da haraji, da jarin masu kamfanin. Kamfanin da ya ci ribar naira miliyan 20 da jarin naira miliyan 100, ribar jarinsa kashi 20 ce cikin 100. Sai dai wannan adadi ba ya faɗin ta wace hanya aka samu ribar. Kamfanoni biyu za su iya nuna adadi iri ɗaya, alhali ɗaya na tsaye da ƙafafunsa, ɗaya kuma bashi ne ya tallafe shi. Nazarin DuPont shi ne hanyar da ake bi don bambance su.

Sunan ya samo asali ne daga kamfanin DuPont na Amurka, wanda ya yi fice wajen yin albarushi da sinadarai. Wani ma'aikacinsa mai suna Donaldson Brown ne ya tsara lissafin a shekarun 1910, kuma ya tafi da shi kamfanin motoci na General Motors lokacin da ya koma can a 1921. Lissafin Brown ya tsaya ne a kan abubuwa biyu, kason riba da juyawar kadara. Daga baya aka ƙara na uku, wato nauyin bashi, kuma wannan mai kashi uku shi ne aka fi koyarwa a darussan akanta da na harkar kuɗi a yau.

Kashi ukun da ake raba ribar jari

Lissafin a taƙaice shi ne:

```
ROE = (riba ÷ ciniki) × (ciniki ÷ kadara) × (kadara ÷ jari)
```

Idan aka duba da kyau, ciniki ya zo sau ɗaya a ƙasa sau ɗaya a sama, haka ma kadara, saboda haka suna soke juna, a bar riba a kan jari kamar yadda aka fara. Ke nan ba wani sabon adadi ake nema ba. Adadin da ake da shi ne ake warwarewa don a ga abin da ke cikinsa.

Kashi na farko shi ne kason riba: daga kowace naira 100 da aka yi ciniki, nawa ne ya zama riba. Yana nuna ko kamfani na iya sayar da kayansa da tsada, da kuma yadda yake tattala kuɗin da yake kashewa.

Kashi na biyu shi ne juyawar kadara: cinikin nawa kowace naira ɗaya ta kadara ta jawo a shekara. Kadara a nan ta haɗa gine-gine, injuna, motoci, kayan da ke sito, kuɗin da ke banki da bashin da kamfani ke bin abokan cinikinsa. 'Yan kasuwa sun daɗe da sanin wannan. Mai sayar da hatsi ribarsa a buhu kaɗan ce, amma kuɗinsa na juyawa kowane mako, mai sayar da zinare kuwa yana iya daɗewa bai sayar ba, amma idan ya sayar sai ya ci riba mai tsoka.

Kashi na uku shi ne nauyin bashi: kadarar kamfani ta ninka jarin masu shi sau nawa. Duk kadarar da ba jarin masu kamfani ya saye ta ba, kuɗin wasu ne. Idan adadin ya zama 1, babu bashi ko kaɗan. Idan ya kai 2, rabin kadarar na bashi ne. Idan ya kai 4, kashi uku cikin huɗu kuɗin mutane ne.

Misali: kamfanoni biyu, ribar jari ɗaya

A ɗauka akwai kamfanoni biyu, kuma tambayar ita ce wanne ya fi ƙarfi. Kamfanin A ya yi cinikin naira miliyan 500 a shekara, ya ci ribar miliyan 80, kadararsa miliyan 500, jarin masu shi miliyan 400. Kamfanin B ya yi cinikin naira miliyan 1,000, ya ci ribar miliyan 20, kadararsa miliyan 400, jarin masu shi miliyan 100.

Ribar jarin A ita ce 80 a raba da 400, wato kashi 20 cikin 100. Ta B kuma 20 a raba da 100, ita ma kashi 20. Wanda ya tsaya a nan zai ce kunnen doki suka yi. Amma ga abin da ke fitowa idan aka warware:

```
A: 16% × 1.0 × 1.25 = 20%
B:  2% × 2.5 × 4.0  = 20%
```

Kamfanin A na samun naira 16 a kowace naira 100 ta ciniki, amma kadararsa sau ɗaya take juyawa a shekara, kuma bashin da ke kansa miliyan 100 ne kacal. Kamfanin B naira 2 kawai yake samu a kowace 100, sai dai kadararsa na juyawa sau biyu da rabi, bashin da ake binsa kuwa ya kai miliyan 300, wato ninki uku na jarin masu shi.

Mataki na gaba shi ne a ninka kashi biyu na farko kaɗai, a ajiye bashi gefe. Abin da ya fito shi ne ribar kadara, kuma ita ce ke nuna ƙwazon sana'ar kanta. Ta A kashi 16 ce, ta B kashi 5. Ke nan kowace naira da aka sa a harkar A tana haifar da fiye da ninki uku na abin da take haifarwa a harkar B. Saurin juya kaya ya taimaki B matuƙa, amma bai isa ya rufe giɓin ƙarancin ribarsa ba. Bashi ne ya ɗaga kashi 5 ɗin ya kai 20. Da nauyin bashin B daidai yake da na A, wato 1.25, da ribar jarinsa ba za ta wuce kashi 6.25 ba, in ban da ɗan ƙarin da zai samu daga raguwar kuɗin ruwa.

Abin da ke faruwa idan kasuwa ta juya

Bashi yana ninka riba, haka kuma yake ninka asara. A ɗauka tsadar man dizal da sufuri ta cinye naira 3 daga kowace naira 100 ta cinikin kamfanonin biyu, ba su kuma iya ƙara farashi ba. Idan aka bar batun haraji don sauƙin lissafi, kason ribar A zai sauko daga kashi 16 zuwa 13. Ribarsa za ta koma miliyan 65, ribar jarinsa kashi 16.25. Ya ji jiki, amma yana nan daram. Kason B kuwa zai faɗi daga 2 zuwa ƙasa da sifili da ɗaya: asarar miliyan 10, wato kashi 10 cikin 100 na jarin masu shi ya tafi a shekara ɗaya, ga kuma masu bin bashi suna jiran haƙƙinsu.

Haka abin yake idan kadara ta rage daraja. In kashi 10 na kadarar kowannensu ya salwanta, ta hanyar lalacewar kaya ko bashin da aka kasa karɓowa, A zai rasa miliyan 50 daga jarin miliyan 400, wato kashi 12.5. B zai rasa miliyan 40 daga jarin miliyan 100, wato kashi 40. Dalili shi ne masu bin bashi ba sa ɗaukar asarar, a kan masu kamfani take faɗawa tukuna.

Nazarin yana kuma nuna wa kowane kamfani inda ya kamata ya sa ƙarfinsa. A na da kadarar da ba ta aiki yadda ya kamata. Idan ya ɗaga juyawarta daga 1.0 zuwa 1.25 ba tare da ya rage kason ribarsa ba, ribar jarinsa za ta kai kashi 25 ba tare da ya ci sabon bashi ba. B kuwa matsalarsa a kason riba take. Ƙarin naira ɗaya tak a kowace 100, daga 2 zuwa 3, zai kai ribar jarinsa kashi 30, ya kuma ba shi abin rage bashi.

Inda ake yin kuskure

Kuskure na farko shi ne kwatanta kamfanonin da sana'arsu ta bambanta, a yanke hukunci da kashi ɗaya. Manyan shagunan sayar da kayan masarufi a ko'ina ribarsu kaɗan ce, juyawarsu da sauri. Masana'antar siminti na buƙatar injuna masu tsada, don haka juyawarta a hankali take. Bankuna kuwa nauyin bashinsu yakan kai 10 ko ya wuce, domin ajiyar jama'a bashi ce a kansu. Kowane kashi ana auna shi ne da na takwarorin kamfani a sana'a ɗaya.

Na biyu, ba kowane bashi ne ke da haɗari iri ɗaya ba. Miliyan 300 da ke kan B za su iya zama rancen banki mai kuɗin ruwa, za su kuma iya zama kayan da masu kawo masa kaya suka ba shi ya sayar ya biya. Lissafin ya haɗa su wuri ɗaya, saboda haka sai an buɗe rahoton an ga wane iri ne, da kuma lokacin biyansa. Don wannan ne wasu ke faɗaɗa nazarin zuwa kashi biyar, su ware abin da kuɗin ruwa ya ci da abin da haraji ya ci daga ribar sana'a.

Na uku ya shafi adadin da aka yi amfani da su. Riba da ciniki na shekara guda ne, kadara da jari kuwa na ranar rufe littafi ne, don haka ya fi dacewa a haɗa na farkon shekara da na ƙarshe a raba biyu, a kuma yi wa kamfanonin biyu haka. Ribar da aka samu sau ɗaya, kamar ta sayar da fili, tana kumbura kason riba, ya kamata a cire ta. A ƙasashen da farashi ke hauhawa da sauri, irin su Najeriya, kamfanin da ya sayi injunansa da daɗewa yakan rubuta su a tsohon farashi alhali cinikinsa na sabon farashi ne, sai juyawarsa ta fi ta sabon kamfani a takarda kawai. Haka nan idan asarar shekarun baya ta cinye jari ya zama kaɗan, ribar jari kan yi sama sosai ba don kamfanin ya gyaru ba. In jarin ya koma ƙasa da sifili kuwa, adadin ba shi da ma'ana sam.

Shekara ɗaya ba ta isa a yi hukunci ba, shi ya sa masu nazari ke jera kashi ukun na shekaru uku zuwa biyar. Ribar jarin da ke hawa saboda kason riba ko juyawar kadara na ƙaruwa alama ce ta sana'a na gyaruwa. Wadda ke hawa alhali waɗannan biyun na tsaye ko suna raguwa, bashi ne ke ɗaga ta. A misalin da aka kawo, kamfanonin biyu sun ba masu su kashi 20, amma A ya fi ƙarfi, domin sana'arsa ce ta samar da mafi yawan ribar, B kuwa sai da ya jingina da kuɗin wasu kafin ya kai wannan adadi.